Ƙara girman hoto don bugawa: shafin kyauta ko manhajar kwamfuta?

Sadiq_Kabuga: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu harkar hoto da bugawa. An kawo mana hoton wani dattijo da ya rasu, 'ya'yansa na son a buga a sa a firem mai inci 12 da 16. Ta WhatsApp aka turo, fiksel 720 ne a faɗi, 960 a tsayi, nauyinsa bai kai KB 100 ba. Na ɗora a wani shafin kyauta na ƙara girman hoto, a allo ya fito fes, amma da na sauke sai ga tambarin shafin a jikinsa. In nemi wani shafin ne, ko in sa manhaja a kwamfutar shago? Wanne ya fi?

Malam_Habu_Firinta: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mamacin. Sadiq, kafin maganar shafi ko manhaja, yi lissafi tukuna don ka san abin da kake nema. Ka raba 720 da inci 12, zai ba ka 60, wato fiksel 60 a kowane inci. Hoton da za a riƙe a hannu ana so ya kai 300, na bango da ake kallo daga taku biyu ko uku kuwa 150 zuwa 200 ya isa. In ka ninka shi sau 2 za ka sami 1440 da 1920, wato 120 a inci, har yanzu da saura. In ka ninka sau 4 za ka sami 2880 da 3840, wato 240 a inci, ya wadatar. To ninki 4 kake nema, kuma a nan yawancin shafukan kyauta suke tsayar da mutum: ninki 2 kyauta, ninki 4 sai ka biya ko ka buɗe asusu.

DanFagge: Ni ban ga abin wahala ba. Tunda a allo babu tambari, ka ɗauki hoton allon kawai ka yanke gefe.

Bashir_Girafik: DanFagge, hoton allo ba ya wuce girman allon. Laftof ɗin da suka fi yawa a shagunanmu 1366 da 768 ne, kuma hoton tsaye ne, tsayinsa ba zai kai 768 ba in ka cire saman burauza. Ka ga ya koma ƙasa da 960 ɗin da aka fara da shi. Ban da haka, abin da shafin ke nunawa kafin saukewa sau da yawa ƙaramin samfuri ne, ba ainihin sakamakon ba.

UmmuHanan: Ni tambayata ɗaya ce Malam Sadiq. Ka gaya wa iyalan cewa za ka ɗora hoton mahaifinsu a shafin da ba ka san mai shi ba?

Sadiq_Kabuga: Hajiya, aiki kawai suka ba ni, ba mu yi wannan maganar ba. Amma hoton dattijo ne da babbar riga da hula, me za a yi da shi?

UmmuHanan: Yau dattijo ne. Gobe hoton amarya ne ba mayafi a ɗakin ƙunshi, jibi takardar NIN ko sakamakon jarrabawa da aka ce rubutunsa ya dushe. In hannu ya saba da ɗorawa, ba ya tsayawa tantancewa. Duk shafin da ka ga sandar lodi tana tafiya, hoton ya bar kwamfutarka ya tafi wata kwamfuta a wata ƙasa. Za su rubuta cewa suna gogewa bayan awa kaza, amma kai ba ka da hanyar tabbatarwa. Ka buɗe Privacy Policy da Terms, ka duba abu uku: tsawon lokacin da suke ajiye hoto, ko suna amfani da shi wajen horar da manhajarsu, da ko suna ba wasu kamfanoni. In ba ka ga amsa ƙarara ba, ka ɗauka amsar ba mai daɗi ba ce. Sannan ka kwafi adireshin da suka ba ka na sauke sakamako, ka buɗe shi a wata waya daban. In hoton ya buɗe ba tare da an nemi kalmar sirri ba, duk wanda ya sami wannan adireshin zai gan shi.

Nura_Farm_Centre: Hajiya da gaskiyarki, amma a yi adalci. Hoton nan ya riga ya zaga WhatsApp na dangi, wataƙila yana Facebook tun ranar rasuwa. Kuma hotunan mata da suke fita a garin nan, galibi ba daga shafin waje suke fita ba. Daga kwamfutar shago ce: an bar hotunan kwastomomi a Desktop wata da watanni, yaron shago yana kwafa a filashi, ko a kai laftof gyara ba a goge komai ba. Manhajar kwamfuta ba ta maganin wannan.

UmmuHanan: Ban musa ba Nura. Sai dai ɓarnar cikin shago mai shago zai iya toshe ta yau: a sa kalmar sirri, a goge aiki in an gama, a zubar da Recycle Bin. Wanda ya tafi waje kuwa ba ka da ikon dawo da shi. Kuma akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, hukumar NDPC ke kula da ita. Hoton fuskar mai rai bayani ne na kansa a ƙarƙashinta, kuma ta yi magana kan fitar da bayanan mutane zuwa waje. Mai shago da ke karɓar hotuna da takardun mutane ya kamata ya san da ita.

Malam_Habu_Firinta: Mu koma kan aikin da ke gaban Sadiq. Mafi sauƙi shi ne Upscayl. Kyauta ce, ba ta sa tambari, akwai ta Windows da Mac da Linux, kuma bayan saukewa ba ta buƙatar data. In kana shakka, kashe intanet ɗin ka gwada, za ta yi aikinta. Ka dai lura suna da wani sashe na biya da ke aiki ta intanet mai suna Upscayl Cloud, ba shi nake nufi ba. Ka zaɓi hoton, ka zaɓi samfurin hotunan kyamara, kada ka zaɓi Digital Art domin na zane ne, zai mayar da fuskar mutum kamar katun. Ka sa ninki 4, ka fitar da shi a PNG. Kada ka taɓa Double Upscayl, tana maimaita aikin a kan sakamakon farko, duk kuskuren da aka yi sai ya ninku. PNG ɗin zai yi nauyi, zai iya wuce MB 15, amma ba ya ƙara matse hoton. Sai a ƙarshe, in mai injin bugawa ya nemi JPG, ka fitar sau ɗaya da inganci 95.

Sadiq_Kabuga: Malam na sauke ta yanzu. Ta buɗe, amma da na danna ba ta fitar da komai ba. Laftof ɗin Core i5 ce ta zamani na uku, RAM 8.

Bashir_Girafik: Nan matsalar take, kuma ita ce ta sa shafukan ke da kasuwa a wajenmu. Upscayl da katin girafik take aiki, kuma dole katin ya iya Vulkan, wato hanyar da manhajar ke bi ta yi aiki da katin. Na Intel da ke haɗe da injin, a Windows sai daga zamani na shida zuwa sama suke da shi, kuma ko su ba kowanne ke yin aikin lafiya ba. Naka na zamani na uku bai da shi, ƙarin RAM ba zai canza komai ba. Wanda ke son duba nasa, ya buɗe Command Prompt ya rubuta:

```
vulkaninfo --summary
```

In ya jero sunan katin, akwai fata. In ya ce bai san umarnin ba ko ya ba da kuskure, a fara sabunta direban katin a sake gwadawa. Ga tsohon inji irin na Sadiq, wata manhaja mai suna chaiNNer na iya yin aikin da injin kansa ba tare da kati ba, sai dai saukarta da kayan aikinta na cin data sosai, kuma aikin na tafiya a hankali. A jona caji, kada a ɗauke wuta batir ya mutu a tsakiya.

DanFagge: To ai shi ya sa. Maimakon wannan wahalar a sa Topaz ɗin da ake zuba wa mutane a kasuwa, wanda aka fasa, kyauta yake.

Nura_Farm_Centre: A'a ɗan'uwa. Ana maganar sirrin kwastoma kai kuma kana kawo fasasshiyar manhaja? Kafin ta shiga sai an kashe rigakafin kwamfutar, kuma irin su ne ake cusa wa abin satar kalmomin sirri na burauza. Kwamfutar shago da ake shiga banki da imel a kanta, ba wurin wannan gwajin ba ne. Kuma tsohuwar laftof ta zamani na uku ba za ta ɗauki sabbin nau'ikanta ba ma.

Lami_Hotoro: Ni aikin kalandar biki da katin gayyata nake yi, bari in faɗi abin da ba a taɓo ba: inganci. Ana magana kamar da zarar an sami ninki 4 an gama. Hoton Sadiq fiksel 691,200 ne gaba ɗaya. Bayan ninki 4 zai zama sama da miliyan 11, wato ya ninku sau 16. A kowane fiksel 16, guda 15 manhajar ce ta ƙirƙiro su bisa abin da ta saba gani. Ba ta dawo da abin da ya ɓace, cikewa take yi da hasashe, ko a shafi ko a kwamfuta. Kuma hasashen yana kuskure a wuraren da mu muka fi kallo. Aikin wuyan babbar riga, zaren da ke jere ɗaya bayan ɗaya, sai ya narke ya koma kamar an shafa fenti. Zanen hula zanna sai ya zama wasu lanƙwashe-lanƙwashe da babu maɗinkin da ya taɓa yin su. Ƙunshin amarya yakan haɗe, leshi ya toshe. In akwai rubutu a bango, musamman na Larabci, haruffan sai su zama wasu alamu da ba sa karantuwa. Mafi muni fuska ce. In dattijon yana da zane a kumatu, manhajar gyaran fuska tana iya ɗaukarsa a matsayin ƙarzuwar hoto ta share shi. Ta gyara haƙora, ta ƙara wa ido haske, ta ɗauke tamoji. Hoto ya yi kyau, amma 'yarsa ta kalla ta ce wannan ba Baba ba ne.

Sadiq_Kabuga: Anti Lami kin taɓo inda yake. Yana da zane a kumatu, kuma a wanda shafin ya fitar da ƙyar ake ganinsa. Na ɗauka gyara ne.

Lami_Hotoro: Ka gani. Akwai shafukan kyauta da ke kunna gyaran fuska da kansu domin shi ke burge mutum a kallon farko, wasu ma ba su da wurin kashewa. A nan manhajar kwamfuta ta fi, kai ke zaɓar abin da za a yi wa hoton.

Mubarak_RijiyarZaki: Ƙarin bayani kan maganar Anti. Yawanci aiki biyu ne ake haɗawa. Na farko ƙara girma, irin na Real-ESRGAN da ya fito a 2021, wanda Upscayl ta ginu a kansa. Na biyu sake gina fuska, irin GFPGAN da CodeFormer. Na biyun ne ke canza kama. CodeFormer na da ma'auni daga 0 zuwa 1: in ka yi ƙasa fuska ta yi kyau amma ta yi nesa da mai ita, in ka yi sama ta tsaya kusa da asali amma dushewar ba za ta tafi duka ba. Ga hoton mamaci ko fasfo, ni ina ganin a bar shi gaba ɗaya. Wanda ke da kati mai kyau zai iya yin na farkon shi kaɗai:

```
realesrgan-ncnn-vulkan.exe -i baba.jpg -o baba.png -n realesrgan-x4plus -s 4 -t 128
```

Wannan `-t 128` na sa a yanka hoton ƙanana-ƙanana a yi aikin, don katin da ƙwaƙwalwarsa ba ta da yawa. In hoto ya fito baƙi ko aikin ya tsaya, a rage zuwa 64. Kada a canza `-s 4` zuwa 2 da wannan samfurin, hoton yakan fito a wargaje. A yi 4, a rage girman daga baya.

Malam_Habu_Firinta: Ko ba gyaran fuska, Real-ESRGAN na sa fata ta yi sumul fiye da kima, kamar roba. Maganinsa a GIMP ko Photoshop yake. Ka ɗauki hoton asali ka ƙara girmansa ta hanyar da aka saba zuwa 2880 da 3840, zai yi dishi-dishi amma bai ƙara komai nasa ba. Ka ɗora wanda manhajar ta fitar a samansa. Riga da bango ka bar na saman, a fuska kuma ka rage ƙarfinsa zuwa kashi 40 ko 50, har zanen kumatun da tamojin goshi su dawo. Sannan ka ƙara ɗan Noise kaɗan a kan duka don fatar ta yi kama da fata. Kafin ka buga babban, yanko fuskar kaɗai a ainihin girman da za ta fito, ka buga a takardar inci 4 da 6, ka nuna wa ɗaya daga cikin 'ya'yan. Kuɗin wannan gwajin bai kai asarar babbar takarda da firem ba.

Baba_Tijjani: Ku yi haƙuri yara, ni waya kawai gare ni. Wannan abin zai gyara bidiyon bikin da aka ɗauka a kaset tun da daɗewa?

Mubarak_RijiyarZaki: Baba, ranka ya daɗe, wannan wani aiki ne daban. Bidiyon ƙasarmu hoto 25 ne a kowace daƙiƙa, minti ɗaya hoto 1,500 ke nan, kowanne sai an yi masa aikin. Waya ba za ta iya ba, shafin kyauta ma ba zai karɓi mai tsawo ba. Farko a juye kaset ɗin zuwa kwamfuta da kyau, a adana, sauran ya biyo baya.

Bashir_Girafik: Ina so in ɗan kare shafukan, don ba duka suka zama ɗaya ba. Akwai waɗanda ba sa ɗora hoton ko'ina, a cikin burauzarka suke aikin. Misali unlimited:waifu2x haka yake. Asalin waifu2x don zanen katun aka yi shi, amma yana da zaɓin hoto, kuma yana da kyau a kan tambarin kamfani da zane mai layi. Gane irin wannan shafin ba wuya. Danna F12, shiga Network, sannan ka sa hoton. In ka ga an aika wani abu mai nauyin hotonka, ya fita. Ko ka gwada da wani hoto sau ɗaya don shafin ya sauke kayan aikinsa, ka kashe data, ka sa na biyu. In ya yi, a kwamfutarka yake aiki. Sai dai a tsohon inji jira zai yi yawa.

Nura_Farm_Centre: Tunda an koma kan shafuka, ga abin da za a duba bayan saukewa. Danna dama a kan fayil ɗin, Properties, Details, ka karanta girman da idonka. Akwai masu iyaka a kan abin da ka ɗora, MB kaza ko fiksel kaza, wannan suna faɗa. Akwai kuma masu iyaka a kan abin da zai fito, wannan ce ba sa faɗa da ƙarfi. Ka zaɓi ninki 4, ka ga tsayin ya tsaya a 2000 maimakon 3840. Wasu in hoton ya wuce iyaka sai su rage shi tukuna su ƙara, ka ba su mai kyau su dawo maka da wanda bai kai shi ba. Ka duba nauyin kuma. Hoto mai fiksel miliyan 11 da bai kai KB 500 ba an matse shi sosai, ka zuƙo gefen hula za ka ga ƙananan murabba'ai. Tambari ma ba kullum yake a kusurwa ba, wani shara-shara ne a duk jikin hoton, a waya ba ka gani sai ya fito a kan farar shadda.

DanFagge: Akwai shafin cire tambari ai.

Lami_Hotoro: Ka ɗora hoton mutane a shafi na biyu ke nan, kuma abin da ke ƙarƙashin tambarin shi ma hasashe za a cike shi da shi. In ya ratsa ta fuska an sake taɓa kama. Kuma sharaɗin masu shafin ne, wanda ke son marar tambari ya biya ko ya bar musu abinsu.

Malam_Habu_Firinta: Sadiq, akwai tambayar da ta fi duk wannan: ina asalin hoton? 720 da 960 alama ce ta hoton da ya bi hannu da yawa. In da waya aka ɗauka, a nemo wanda ya ɗauka ya turo a matsayin Document, ba ta wurin hotuna ba. Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana ba da kusan 3000 da 4000, wato 250 a inci a firem ɗinka, ba ka buƙatar ƙarin komai. In kuma na takarda ne aka ɗauka da waya, su kawo takardar. Mai inci 4 da 6 in ka yi sikanin a 600 zai ba ka 2400 da 3600, wato 200 a inci, sai ka ɗan yanke tsayin. Ba zai yi kaifin sabon hoto ba, amma duk abin da ke ciki na mutumin ne.

UmmuHanan: A lura, wanda aka turo a Document yana zuwa da bayanansa na ciki, har da inda aka ɗauka in wayar na ajiye wuri. In dole sai an ɗora irinsa a shafi, a goge bayanan tukuna da manhajar exiftool:

```
exiftool -all= baba.jpg
```

Zai bar kwafin asali a gefe mai `_original` a ƙarshen suna, kada a ɗora wancan. Wannan wurin kawai yake ɓoyewa, fuskar tana nan.

Bashir_Girafik: Ni har yanzu ina ganin hoton kaya, takalmi ko turare da za a sa a talla, ko fosta da dama jama'a za su gani, babu laifi a bi ta shafi in ya ba da girman da ake so. Ba kowa ke da kuɗin sauya laftof ba.

UmmuHanan: Kaya ban ce komai ba. Amma fosta mai fuskar mutum, a tambaye shi.

Nura_Farm_Centre: In an ce sai an tambayi kowa Hajiya, rabin kwastomomi ba za su gane tambayar ba, za su ce yi duk abin da ya dace.

UmmuHanan: To an dai tambaya, kuma a yi bayanin da za su gane: hoton zai je kwamfutar wasu a waje.

Sadiq_Kabuga: Na kira babban ɗan. Ya ce hoton na takarda ne, yana cikin firem a ɗakin mahaifiyarsu a Gwammaja, da waya aka ɗauka ta saman gilashi. Zai kawo gobe in Allah ya kai mu, amma ya ce kamar takardar ta manne da gilashin ta ƙasa. In ɓamɓare?

Malam_Habu_Firinta: Kada ka ja shi, fuskar hoton za ta biyo gilashin. Cire katakon firem ɗin kawai, ka goge wajen gilashin, ka kwantar da shi a sikana yadda yake. Wasu sikanonin sirara ba sa kama abin da ya ɗaga daga gilashinsu ko kaɗan, in ka ga ya fito a dushe to irinsu ne. Sai ka fita da shi inuwa da safe, ka jingine shi a tsaye, ka ja baya kaɗan, kyamara daidai tsakiyarsa, ba filasha, wanda zai ɗauka ya sa tufafi masu duhu don kada ya fito a gilashin. Ka auna takardar da rula ka faɗa mana inci nawa ce, sai mu ga ko ninki 2 zai isa.